Sanya Wa Hoto Babbar Riga Da Hula

Idan zaɓe ya ƙarato, ko biki ya matso, masu shagon hoto kan sha wani aiki: a kawo hoton mutum sanye da 'yar shara, a ce a ɗora masa babbar riga da hula a kwamfuta. Aikin yana yiwuwa, amma ƙwarewar mai yi a wuri biyu take bayyana.

Na farko wuya da kafaɗa. Babbar riga ba ta zama a jiki ita kaɗai, sai da 'yar ciki, kuma mai ita kan naɗe hannayenta bisa kafaɗa. Don haka ana ɗauko hoton wani mai rigar da ya tsaya irin tsayuwar mai hoton, a yanko fuska har wuya, a daidaita faɗin kafaɗu. Aikin aska biyu ko aska takwas yana sauka ne ta ɓangaren hagu, wajen aljihu. Wanda ya juya hoton rigar ya mayar da aikin dama, duk Bahaushe zai gane.

Na biyu hula. Zanna bukar tana zama a goshi, ta rufe gashin gaba, ta jefa siririyar inuwa a ƙasanta. In babu inuwar nan, ko hasken fuska ya zo daga dama na hula daga hagu, sai ta yi kamar tana shawagi.

Sannan a nemi yardar mai hoto tukuna. Rawani da alkyabba kuwa tufafin sarauta ne, kada a ɗora su kan wanda ba a naɗa ba.