Wanda Aka Fanso Daga Daji Da Shirun Da Ake Ɗora Masa

Tun daga 2019 gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, waɗanda hukumar HCR ta ƙiyasta sun haura 40,000 a watan Satumba na shekarar. Cadakori na cikin garuruwa uku da aka tsugunar da su nesa da iyaka, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Daga bisani satar mutane don kuɗin fansa ta shafi 'yan ƙasa su ma. An yi ta lissafin shanun da aka kora da kuɗin da aka biya, amma ba a cika tambayar halin da magidanci ke ciki bayan an sako shi ba, shi kuma ba ya faɗa.

Dalilin shirun tsoho ne. Yaron da bai yi kuka ranar kaciya ba shi ake yaba wa, wanda kuwa ya yi raki sai a ce da shi rago ko mace. Da wannan awo yake girma, har ya ɗauka cewa furta tsoro daidai yake da zubar da girma.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. An ɗauke shi cikin dare, ya yi makonni a ɗaure, dangi suka sayar da gona da bisashe suka fanso shi. Ranar da ya dawo gida ya cika da masu barka, kowa na cewa ya gode wa Allah, ya manta da abin da ya wuce. Nasihar ba ta da laifi, sai dai ta rufe ƙofar magana tun ba a buɗe ta ba. Ga kuma nauyin dangin da suka talauce dominsa: da wane baki zai ce musu har yanzu a firgice yake?

Abin da baki ya ƙi faɗa jiki ke nunawa. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur da dare ta sa shi zabura, ya daina bin hanyar kasuwar da ya saba, abu kaɗan ya hau iyalinsa da faɗa ko duka. In ya je likita sai ya ce kansa ke ciwo, ko ƙirjinsa ke zafi, a ba shi ƙwayoyi ya koma. Wani ma ya faɗa wa taramol. Irin wannan firgici a kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, yakan lafa da kansa. Idan ya zarce wata guda yana hana mutum neman abincinsa, to ya zama ciwon da ke bukatar ma'aikacin lafiya, kuma yana da magani.

Akwai abin da ya fi wannan wuyar furtawa, wato idan an yi wa namiji fyaɗe a inda aka tsare shi. A nan shiru yana da farashi da za a iya ƙirgawa. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da sida sai an fara shan sa cikin awa 72 da aukuwar abin, a ci gaba kwana 28. Wanda aka sako a kan lokaci, kunya ta zaunar da shi mako guda, ya rasa wannan dama. Wanda lokacin ya wuce masa ma yana bukatar gwajin jini, domin kansa da domin matarsa.

Masu jingina wannan shiru ga addini kuwa ba su da madafa. Manzon Allah (SAW) ya koma gida a tsorace bayan wahayin farko, ya shaida wa Nana Hadiza. Ya kuma zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, a gaban sahabbai. Haƙuri bai hana shi ko ɗaya ba.

Wurin maganar ma akwai shi. Makarantar mazaje da hukumar UNFPA ta soma a jihar Zinder a 2008, ta kuma iso Maradi, ta nuna cewa magidanta kan zauna su tattauna batun haihuwa, wanda a da ake ganin ba na maza ba ne. Sai dai fada mai cike da raha ba ta dace da wanda aka fanso ba. Aboki ɗaya amintacce ya fi, wanda zai same shi su biyu, ya tambaye shi ko yana samun barci, ya saurara ba tare da neman labarin daji dalla-dalla ba, ya riƙe sirri, sa'an nan ya raka shi asibiti. Ma'aikacin lafiya shi ma, in ya ji cewa mai ciwon kan nan daga daji aka fanso shi, ya sallami ɗan rakiya tukuna kafin ya yi masa tambaya ta biyu.