Sabon Tambari Ko Sabon Tsari? Darasin Bankin Manoma Ga Arewacin Kano



Hujjata a wannan takarda ɗaya ce. Sabunta tambari yana wadatarwa ne idan jama'a sun yarda da hajar, kamanninta kawai suka tsufa. Haka bankin First Bank, wanda aka kafa a 1894, ya yi a 2014: ya gyara zanen giwarsa da launinsa, ya bar aikinsa yadda yake, domin masu ajiya ba su guje shi ba.

Bankin Manoma kuwa labarinsa daban ne. Ya fara aiki a 1973, hedkwatarsa na Kaduna. A 1978 ya koma NACB. A 2000 aka haɗe shi da People's Bank da shirin FEAP, ya zama NACRDB. A 2010 aka sake raɗa masa suna BOA, da sabon tambari. Suna huɗu ke nan cikin shekara 37, amma mutumin karkara bai taɓa fasa kiransa Bankin Manoma ba. Ashe ba a suna ciwon yake ba. Har yaushe jami'ai za su riƙa shafa wa bango fenti alhali tushensa ne ya tsage?

Mu ɗauki manomin Ɗambatta ko Makoɗa ko Bichi. Gonarsa ta gado ce, an rarraba ta har ta zama 'yan fegi-fegi, kuma sau da yawa shaidarta tana bakin mai unguwa da maƙwabta, ba a takardar da banki ke karɓa jingina ba. Yana shuka gero da dawa wajen watan Yuni, ya sa wake da gyaɗa a tsakani. Kuɗin taki kafin shuka yake buƙatarsa. Rancen da ya fito a Agusta, gero ya riga ya fid da kai, cefane da magani ne za su cinye shi, ranar biya kuma a ce manomi ya ƙi biya. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda da yawansu ba za su taɓa ba saboda addini. Shi ya sa suke komawa wurin ɗan kasuwa mai ba-da-kaka, duk da sun san ƙwarar da ke ciki: yana bayarwa a kan lokaci, yana karɓar hatsi.

Ma'aunin mai sauƙi ne. A tambayi wanda ya daina zuwa bankin dalilinsa. Idan ya ce bai gane alamar ba, a kira mai zane. Idan ya ambaci jingina, ko jinkiri, ko ruwa, to tsarin ne zai sauya gaba ɗaya: lamunin ƙungiya a madadin takardar fili, fitar da kuɗi tun Afrilu ko Mayu, da cinikin salam, inda banki zai biya kuɗin amfanin gona tun yanzu ya karɓi hatsi da kaka. Bankin Jaiz ya fara aiki ba ruwa tun 2012, har da reshe a Kano, saboda haka kada a ce mana ba a san hanyar ba.

Ina kira ga hukumomin noma na tarayya da na Jihar Kano da kada su sake kashe ko kwabo a kan sabon allo kafin su zauna da ƙungiyoyin manoman waɗannan ƙananan hukumomi su gyara sharuɗɗan rance da lokacin fitar da shi.