Ciwon Muƙamuƙi da Cizon Haƙora Cikin Barci

Wani mai saurarenmu, falken shanu da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, ya aiko da tambaya. Ya ce wata huɗu ke nan, in ya tashi da asuba bakinsa a sage yake, sai hantsi ya dubi ludayi yake sakewa. In ya yi hamma sai ya ji ƙas a gaban kunnen dama, ga ciwo yana hawa har gefen goshi. Ya ɗiga maganin kunne, shiru. Wani mai cire haƙori a kasuwa ya cire masa turmi ɗaya, ciwon yana nan daram. Kuma abokan tafiyarsa sun ce in suna kwana a masauki, ƙarar haƙoransa tana hana su barci.

To Alhaji, alamun da ka lissafa sun fi nuna mahaɗar muƙamuƙi da tsokar da ke motsa ta. Mai saurare, gwada yanzu: ɗora yatsa a gaban kunnenka, daidai ɗan tudun nan, ka buɗe baki ka rufe. Abin da ka ji yana motsi, nan ne ƙashin muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan faifai mai kama da guringuntsi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Wani lokaci faifan yakan zame gaba. In ka buɗe baki sai ƙashin ya hau kansa, shi ne ƙas ɗin da kake ji. Mutane da yawa suna da wannan ƙara ba tare da wani ciwo ba, kuma irin wannan ba ta buƙatar magani. Sai in ta zo da ciwo ko sagewa ake kula ta.

Me ya sa da safe? Makiyayi ya san saniya mai tuƙa, ya kuma san wadda ke gurza haƙora ba komai a bakinta, ya san ta biyun ba lafiya ba. Mutum ma yakan yi irin wannan gurza cikin barci, ko ya datse haƙora tamau, bai sani ba. Tsokar da ya kamata ta huta ta kwana tana aiki, shi ya sa gari ke wayewa tana tsami, kamar ƙafar wanda ya wuni kora. Ga yadda za ka gane. Datse haƙora, ka taɓa kumatunka wajen kusurwar muƙamuƙi, za ka ji tsoka ta taso. Saki, sannan ka danna wurin, ka danna gefen goshi. In dannawar ta tayar da ainihin ciwon da ka saba ji, to ga inda yake. Duba madubi kuma: haƙoran mai cizo sukan side su yi baibai, wani lokaci da shatin haƙora a gefen harshe. Ciwon haƙori na gaske yakan tsaya a haƙori ɗaya, ya harba in ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa shi. Saboda haka kada ka yarda a cire maka haƙori don ciwon gaban kunne sai likitan haƙori ya duba. Wanda aka cire ba ya dawowa, ga shi taunar ta koma ɓangare guda, nauyi ya ƙaru.

Akwai awo mai sauƙi. Jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, ka sa su a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Bakin lafiyayyen baligi yakan ɗauke su, wajen santimita 4 ke nan. Yi awon da asuba, ka sake da la'asar. In da safe biyu ne ke shiga, da yamma uku, yawanci tsoka ce ta gaji.

Abin da ke ƙara cizon dare, Alhaji, kusan duk yana cikin aljihunka: goro, shayi mai kauri, kofi, taba. Ga tunanin bashi, ga zullumin ko za a wayi gari an rufe iyaka da kaya a hanya. Ba na cewa ka bar goro gaba ɗaya, na san ba za ka ji ba. Amma daga la'asar ka ajiye shi, shi da shayin. Mai minshari da ke shaƙewa cikin barci, shi ma ya faɗa wa likita, don abin yakan tafi tare.

Yanzu abin yi, na mako biyu zuwa uku. Ka hutar da muƙamuƙi: fura da nono, kunu, tuwo, fate, nama a yayyanka ƙanana a dafa ya yi laushi. Kilishi, ganda, rake, aya, goruba, gasasshiyar masara da cingam, a jingine su tukuna. Ka daina kwance ƙullin igiya ko buɗe kwalba da haƙori. Safe da dare, jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, ka gasa kumatu minti 10 zuwa 15, sannan ka murza tsokar da yatsu a hankali. Bayan gashin, ɗora kan harshe a ganɗa bayan haƙoran sama, ka buɗe baki iya inda harshen bai sauka ba, ka rufe, sau shida. In hamma ta zo, tallafi haɓa da hannu.

Da rana kuma ka riƙa kama kanka. In ba ci ko haɗiya kake yi ba, haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su taɓa juna ba. Leɓe a rufe, haƙora a sake. Da yawa kan datse su a kan babur ko lokacin ciniki. Ɗauki kowace sallah a matsayin tuni: ka idar, ka duba bakinka.

Farasitamol yana rage ciwon. Ibufurofen ma yana yi, na 'yan kwanaki, bayan cin abinci, amma ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mace mai ciki ba, kuma kada ka sha shi ka shiga rana ba ruwa. Taramol kuwa ba maganin wannan ba ne, sabo kawai zai bar maka. Yawancin masu wannan ciwo sukan samu sauƙi da waɗannan matakai. In an yi wata ɗaya ba canji, je wurin likitan haƙori a babban asibiti. Yakan auna baki ya yi maka wata roba da ake sa wa haƙora da dare. Tana kare haƙora daga sidewa, amma ba ta hana cizon kansa.

Sai dai akwai sagewar da ba a jira da ita. In ƙas ɗin ya ɓace rana ɗaya, baki ya ƙi wuce yatsu biyu, wataƙila faifan ya maƙale a gaba, a je a duba da wuri. In baki ya buɗe ya ƙi rufuwa bayan hamma, muƙamuƙi ya goce, kada a buge shi, a kai mutum asibiti. Kumburin fuska da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya, ƙila ruɓar haƙori ce ta yi ƙurji, a tafi ranar. Ciwon muƙamuƙi da ke zuwa da nauyin ƙirji da gumi in ana tafiya ko ɗaukar kaya, ana zargin zuciya.

Na ƙarshen naku ne, makiyaya. In ƙaya ko ƙusa ko ƙaho ya ji maka rauni, musamman wajen garke inda kashin dabbobi yake, sai bayan kwana 3 zuwa 21 baki ya fara sarƙewa, wuya ya sandare, kuma abin ƙaruwa yake yi maimakon ya saki da hantsi, to ana tsoron tetanas, cutar sarƙewar haƙora. Wannan ba ta gashi da ruwan ɗumi ba ce. Asibitin da ya fi kusa za a nufa nan take, ko na wane ɓangaren iyaka ne.