Gado daban, aiki daban: wa zai riƙe makulli bayan Alhaji?

 

Duk wanda ya tashi a Magarya ko Dungas ya san irin gidan da zan yi magana a kansa. Alhaji yana sayen gyaɗa da riɗi da wake da kaka, ya tara a sito, ya kai Damagaram ko kasuwar Maigatari, yana da mota da yara masu yi masa aiki. Ranar da ya faɗi, kafin a yi sadakar arba'in an rufe sito, mota ta tsaya, masu bin bashi sun cika zaure, waɗanda ake bi kuma sun yi ɓatan dabo. Ba don ƴaƴansa malalata ba ne. Abin da ya faru shi ne an tsaya jiran rabon gado, alhali gado dukiya yake rabawa, ba ya raba aiki.

Bari mu leƙa Kano mu ga wani gida da ya tsallake wannan rami. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, ɗansa Ahmadu ya karɓi ragamar kamfanin. Ahmadu bai daɗe ba, ya rasu a 1960. Rashi biyu cikin shekara biyar ya isa ya rusa kowane gida, amma kamfanin ya ci gaba a hannun Aminu Ɗantata. Me ya sa? Aminu ba daga zaure aka ɗauko shi ba. Tun mahaifinsu yana raye yake aikin sayen amfanin gona a kamfanin, kuma a zamanin Ahmadu shi ne mataimakinsa. Wato a bayan magaji akwai wani magajin da ya riga ya san aiki.

To mu dawo gida da misali, ba kuma wani gida nake nufi ba. A ce jarin Alhaji, bayan an biya bashi, sefa miliyan 16 ne. Ya bar mata biyu, ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matan za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas: miliyan 2, kowacce miliyan ɗaya. Saura miliyan 14 a kasa bakwai, kowane namiji ya ɗauki miliyan 4, kowace mace miliyan 2. Kun ga babban ɗa, wanda kowa yake ɗauka shi ne mai gida, rubu'i kawai yake da shi. Ko sun haɗa kai da ƙanensa, rabi cif suke da shi. In kamfanin SARL ne, ƙa'idar OHADA da Nijar take bi tana neman masu fiye da rabin jari su yarda kafin a naɗa manaja. Kenan sai sun samu goyon bayan wata ƴar'uwa ko wata uwa. Duk shirin da aka yi a zaure ba tare da matan gida ba, lissafi ma ya ƙi shi.

Wani zai ce, ai sai Alhaji ya bar wasiyya cewa sito da mota na wane ne. A'a. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Abin da Alhaji zai iya yi tun yana da rai shi ne ya raba aiki, don muƙami ba dukiya ba ne.

Mataki na farko, a zauna a rubuta ayyukan da in mai yin su ya kwanta ciwo sati biyu, harka za ta tsaya. A irin wannan gida yawanci huɗu ne. Akwai mai sa hannu a banki. Akwai mai makullin sito, wanda ya san buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. Akwai mai littafin bashi, wanda ya san manomin da ya karɓi kuɗi da damina zai biya da kaka. Sai kuma mai hulɗa da waje, wanda ya san dillalai da masu canjin naira da sefa da takardun duwan. A gidaje da yawa duk huɗun nan suna cikin kan mutum ɗaya da wayarsa. A gaban kowane aiki a rubuta suna biyu: mai yi yau, da mai karɓa in ya faɗi. Sannan kada mai makullin sito ya zama shi ne mai littafi, don wanda yake auna kaya bai kamata ya zama mai binciken kansa ba.

Mataki na biyu shi ne takarda, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Ƴan kasuwarmu da yawa suna da RCCM da NIF, amma da sunansu na kansu. A idon doka, mutumin shi ne kasuwancin. In ya rasu, banki zai rufe asusu har sai an kawo takardun gado. Takardar wakilci da ya ba ɗansa ma ba za ta yi amfani ba, don wakilci yana mutuwa tare da wanda ya ba da shi. Amma in an mayar da harkar SARL, kamfani mutum ne mai zaman kansa a doka. Mutuwar mai jari ba ta rusa shi, magada hannun jari za su gada, ba tayar mota da buhuna ba. Doka ta yarda a naɗa manaja fiye da ɗaya, saboda haka a naɗa na biyu tun yanzu, a kai sa hannunsa banki. A kuma rubuta a dokokin kamfani yadda za a yi in wani magaji yana son fita da rabonsa: wa zai kimanta, kuma cikin wata nawa za a biya shi. In ba haka ba, mutum ɗaya ya nemi miliyan 4 ɗinsa tsakiyar kaka, sai an sayar da mota.

Mataki na uku, a miƙa aiki a hankali, a auna da kaka ba da wata ba. Kakar farko magaji ya bi Alhaji kasuwa, a gabatar da shi ga dillalai baki da baki. Kaka ta biyu shi zai yi ciniki, Alhaji ya duba littafi a ƙarshen sati. A yanka masa albashi sananne, daban da rabon ribarsa. Rashin wannan ne yake haifar da gaba: mai aiki yana ganin yana yi wa ƴan'uwa bauta, su kuma suna ganin yana cin dukiyarsu.

Ta yaya za ku gane shirin bai kama ba? In har yanzu dillali yana cewa "a ba ni Alhaji" kafin ya yanke farashi, ba a miƙa komai ba. In babu wanda zai iya faɗin jimillar bashin da ake bi ba tare da ya tambayi mutum ɗaya ba, littafin bai zama na kamfani ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne tafiyar Umara ko Hajji: in Alhaji ya yi sati uku ba a kira shi kan kuɗi ba, an fara samun magaji.

Na san da nauyi ka tunkari mahaifinka da wannan zance, kada ya zaci kana ƙirga masa kwana. Kada ka fara da maganar mutuwa. Ka ce, "Baba, in za ka tafi Umara, wa zai sa hannu a banki?" In ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka bi ta kawu ko limamin da yake jin maganarsa. Daga wannan tambaya ɗaya sai a ɗauko takarda a rubuta sunayen nan takwas.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya haɗa kan zuriyarsu. Wassalamu alaikum.