Neman kafin alƙalami ba roƙo ba ne

Shirin yau na masu cin gashin kansu ne ta intanet, irin masu zane da masu haɗa bidiyo. Wata ƙanwata mai zanen tambarin kasuwanci ta nuna min saƙon da za ta tura wa sabon kwastoma, wani mai shagon atamfa, a kan aikin naira 60,000. Ga abin da ta rubuta:

"Ranka ya daɗe, don Allah ka yi haƙuri, ko za ka ɗan taimaka min da wani abu kafin in fara? Ka san yanayin data da wuta. Amma in ba hali ba komai."

Ladabi kam akwai shi. Sai dai kalmar "taimaka" ta mai da ita mai neman alfarma, alhali haƙƙin sana'arta take nema. "Wani abu" kuma nawa ne? In ya turo 5,000, ai ya cika alkawari. Mafi muni ita ce jimlar ƙarshe, domin da hannunta ta buɗe masa ƙofar cewa "a fara tukuna." Zancen data ma a cire shi, ba damuwarsa ba ce. Tela ba ya kawo hujjar kuɗin zare kafin ya karɓi kafin alƙalami.

Ga yadda muka gyara shi:

"Salam Alhaji, na gode da ka ba ni wannan aiki. Kamar yadda muka yi magana, kuɗin tambarin 60,000 ne. Tsarina shi ne a biya rabi, wato 30,000, kafin in fara. Da zarar sun shigo, zan kawo maka samfuri biyu cikin kwana biyar, ka zaɓi ɗaya, da damar gyara sau biyu. Ragowar 30,000 sai ka amince da aikin, sannan in miƙa maka cikakken zanen. In na kasa kawowa a kan lokaci, zan mayar maka da kuɗinka. Ga lambar asusuna a ƙasa."

Ku lura da maganar mayar da kuɗi. Mu kan manta cewa shi ma Alhajin tsoro yake ji, bai san ki ba, wataƙila an taɓa karɓar kuɗinsa aka kashe waya. Wannan layin ne ke kwantar masa da hankali, amma kar ki rubuta shi in kin san za ki cinye kuɗin tun ranar farko.

To in ya ce rabi ya yi yawa fa? A iya saukowa zuwa 20,000, amma kar a sauko zuwa babu. In ya turo hoton rasit, a buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun zauna, saboda rasit na bogi ya yi yawa yanzu. Daga ranar ne kwana biyar ɗin ke fara ƙirguwa.