Kuɗin albasa yana cikin rumbu

Laccar da aka gabatar a Asokore Mampong, Kumasi



Kowa a zauren nan ya san yaran da ke saukowa daga Arewa da zarar an gama girbi, su cika Aboabo da Sawaba suna dako. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Jami'an gwamnati kuwa, in aka tambaye su maganin wannan ƙaura, amsarsu ɗaya ce kullum, wato ruwa. A 2017 aka fara shirin Ƙauye Ɗaya, Dam Ɗaya, kuma da yawa daga cikin madatsun kan ƙafe kafin rani ya ƙare. Ni dai na daɗe ina musu da abokan aikina cewa ko an ba manomi ruwan, ba a gama masa komai ba.

Mu ɗauki manomin albasa a yankin Bawku, bakin Farar Volta. Yana yafa iri wajen Oktoba, ya dasa bayan kamar mako shida, ya cire a Fabrairu ko Maris. Matsalar ita ce duk maƙwabtansa a watan suke cirewa, ga manyan motoci na shigowa da 'yar Galmi daga Nijar. Sai farashi ya faɗi, shi kuma bashin taki ya sa shi sayarwa a bakin gona.

Ga lissafi, a misali. Yana da buhu 10. In ya ajiye su wata huɗu, buhu 3 suka tafi a ruɓewa da motsewa, farashi kuma ya ninka, ya tashi da kuɗin buhu 14. In buhu 5 suka lalace, ya yi wahalar banza, domin kuɗin buhu 10 ɗinsa zai samu. Ashe ribar duka tana tsakanin 3 da 5, kuma tun a gona ake yanke wannan hukunci. Albasar da aka ɗura wa yuriya a ƙarshe takan yi ƙaton wuya, ba ta ajiyuwa. A daina ban ruwa kamar mako biyu kafin cirewa, a jira ganye ya kwanta, a shanya ta a inuwa har wuyan ya bushe. A matsa wuyan da yatsa: in da danshi, ta kasuwa ce, ba ta rumbu ba. Rumbun ma a ɗaga shi daga ƙasa iska ta ratsa, kamar rudun da manoman Nijar ke yi da kara, a riƙa tsince ruɓaɓɓu.

Wasu za su ce kiwon ragon Sallah ya fi. To, ga mai jari da harawa.

Kirana ga 'yan kasuwar albasa na Zango ne. Ku ba manomi rance lokacin girbi, albasar da ke rumbunsa ta zama jingina, a yi ciniki bayan damina ta sauka. Ku ma da ribarku a ciki.