Daga Labari Zuwa Shafi Guda: Yadda Ake Sake Tsara Takardar CV ta Wanda Ya Gama Jami'a

 

Akasarin takardun CV da matasanmu ke kai wa ma'aikatu a rubuce suke kamar labari. Sakin layi na farko ya ce an haife ni a gari kaza, na shiga firamare shekara kaza. Na biyu ya kawo sakandare. Sai an kai tsakiyar shafi na biyu kafin a ji maganar digiri, aikin da mutum yake yi yanzu kuwa yana can ƙasan shafi na uku. Ba na ganin laifin yaranmu, domin haka muka saba ba da tarihin mutum, daga haihuwa a gangaro. Amma jami'in ɗaukar ma'aikata da ke da tarin takardu a gabansa tambaya biyu yake fara yi: me wannan mutumin yake yi yanzu, kuma shekarunsa na baya sun haɗu ko akwai giɓi? Idan sai ya tona shafi uku kafin ya sami amsa, sau da yawa ba zai tona ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙanwarmu ce ta karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta. Ta shiga jami'a a Janairun 2018. Ta yi horon SIWES na wata shida a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti daga Afrilu zuwa Satumban 2021. Lokacin yajin aikin 2022 ta riƙe wa wani shagon cire kuɗi na POS. Ta yi bautar ƙasa daga Agustan 2023 zuwa Yulin 2024 tana koyarwa a sakandare, yanzu kuma tana taimakawa a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Duk wannan yana cikin takardarta, amma a warwatse cikin shafi uku.

Matakin farko ba a kwamfuta ake yin sa ba. Ta ɗauko farar takarda da biro, ta karanta tsohon rubutun jimla bayan jimla, duk inda ta ga abin da ke da farko da ƙarshe ta fitar da shi a layi guda: mene ne, a ina, wane wata aka fara, wane wata aka gama. Sannan ta ɗauko ainihin takardun shaidarta, wato takardar digiri ko ta sakamako, takardar sallama ta NYSC, sakamakon WAEC ko NECO, da wasiƙar kammala SIWES, ta gwada kowane kwanan wata da abin da ke rubuce a cikinsu. Kada ta dogara da abin da take tunawa. Ranar tantancewa takardun za a baje a kan tebur, ba ƙwaƙwalwarta ba.

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne 'yan wannan zamanin suka fi cutuwa ba tare da sun sani ba. Kun san ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamban 2020, ga kullen korona a kai, sannan ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Wannan ya sa sunan zangon karatu ya rabu da shekarar kalanda a jami'o'in gwamnati da yawa. Ƙanwar tamu zangonta na ƙarshe sunansa 2020/2021, amma jarrabawarta ta ƙarshe a Janairun 2023 ta rubuta ta, takardar shaidarta kuma tana ɗauke da Maris 2023. To, a tsohuwar takardarta ta rubuta a wani wuri cewa ta gama a 2021, saboda haka 'yan ajinsu ke kiran kansu, a wani wurin kuma ta ce 2023. Mai karantawa da ya ga 2021 sannan ya ga bautar ƙasa ta fara a 2023 zai ɗauka ta yi zaman shekara biyu ba ta yin komai. Wanda ya ga shekarun biyu duka zai fara zargin ko akwai abin da ake ɓoyewa. Alhali kuwa babu giɓi, babu ƙarya, yarinya tana makaranta tana jiran a buɗe aji. Shawarata ita ce a rubuta watan da aka shiga na haƙiƙa, a rufe da kwanan da ke kan takardar shaida, a bar sunan zango gaba ɗaya. Digirin shekara huɗu da ya ɗauki biyar ba ya buƙatar bayani a Najeriya; duk wanda ke ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ya san dalili.

Bayan an tabbatar da kwanakin, sai a zaɓi salo guda na rubuta su, a tsaya a kansa daga sama har ƙasa. Wanda na fi so shi ne haruffa uku na farkon sunan wata da cikakkiyar shekara. Lambobi zalla suna kawo ruɗani: `03/04/2021` a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a wajen Ba'amurke kuwa 4 ga Maris ne, kuma ƙungiyoyin agaji na waje da yawancinku ke nema suna da ma'aikata daga ko'ina. Ranar wata ma ba a buƙatarta. Shekara zalla kuwa tana rage wa mutum ko ta ƙara masa: horon wata shida idan aka rubuta masa 2021 kawai, ba wanda zai san ko mako biyu ne ko wata goma sha biyu. Abin da bai ƙare ba a rufe shi da `Present` ko'ina, kada a ce `till date` a nan, a ce `to date` a can.

Yanzu sai a juya jerin, na ƙarshe ya hau sama. Da yake da Turanci ake rubuta wannan takarda a Najeriya, ga yadda sashen aikinta da na karatunta za su fito:

```
EXPERIENCE
Laboratory Assistant, private lab     Sep 2024 – Present
Biology Teacher (NYSC)                Aug 2023 – Jul 2024
POS Attendant                         Mar 2022 – Oct 2022
SIWES Trainee, hospital lab           Apr 2021 – Sep 2021

EDUCATION
B.Sc. Microbiology, 2:1               Jan 2018 – Mar 2023
SSCE (WAEC)                           Jun 2016
```

A takarda ta gaske za a sa cikakken sunan kowace ma'aikata da garin da take. Ku lura idonku ya iya gangarowa ta gefen dama kawai ya karanta rayuwarta cikin numfashi ɗaya. Ku lura kuma na bar aikin shagon POS. Yara da yawa suna jin kunyar irin wannan aikin su cire shi, ni kuwa ina ganin kuskure ne: wata takwas tana riƙe kuɗin mutane, tana daidaita lissafi kowane dare, wannan shaida ce ta amana. Na sa aiki sama da karatu ne saboda ta riga ta fara aikin da ya shafi fanninta. Wanda bai yi komai ba sai SIWES, karatunsa ne jarinsa, shi zai ɗora a sama.

Ƙarƙashin kowane aiki a sa layi biyu, iyaka uku, kowanne ya fara da abin da aka aikata. Tsohon sakin layinta na bautar ƙasa ya yi layi bakwai yana bayanin yadda aka tura ta da yadda ta ji daɗin garin. Sabon zai ce ta koyar da azuzuwa kaza, ɗalibai kaza, ta shirya 'yan aji shida don gwajin aikace na jarrabawa. A sa adadi idan an tabbatar da shi, idan ba a tabbatar ba a bar shi.

Daga ina za a sami wurin da komai zai shiga shafi guda? Daga yanka. Firamare ta tafi. Addini, ƙabila, matsayin aure da jerin abubuwan sha'awa su tafi. Dogon zancen nan na burin aiki da kowa ke kwafa daga takardar abokinsa shi ma ya tafi, ko a mayar da shi layi biyu da suka faɗi fanni da irin aikin da ake nema. A saman shafi suna, lambar waya, imel da gari sun wadatar. Jihar asali da ƙaramar hukuma kuwa ba na cewa a zubar da su kwata-kwata. Ma'aikatun gwamnatin tarayya suna aiki da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, wadda tsarin mulkin 1999 ya tanada, don haka idan can za a kai, a sa su a layi guda tare da ranar haihuwa. Masu ba da shaida guda biyu a layi biyu sun isa, sai in sanarwar ta nemi uku.

Sauran aikin na injin rubutu ne. A manhajar `Word`, a fara duba girman takarda, domin sau da yawa tana zuwa a kan `Letter`, mu kuwa `A4` muke bugawa, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. A bar gefen santimita 2 a hagu da dama, faɗin rubutu ya zama 17. Sai a kafa `Right tab` a kan santimita 17, ta yadda dannawa ɗaya a maɓallin `Tab` za ta kai kwanan wata ƙarshen layi. Kada a tura shi da maɓallin tazara. A allonka zai yi kamar ya daidaita, da an buɗe a wata kwamfuta sai layin ya karkace ko shekara ta faɗo ƙasa. Nau'in harafi guda ya isa, `Calibri` ko `Arial`, girman 11. Idan sai ka sauko ƙasa da 10 kafin komai ya shiga, ba wuri ne ya yi kaɗan ba, yankan ne bai isa ba. A ajiye a matsayin `PDF`, a sa wa fayil ɗin sunan mai shi, kada a aika hoton takarda da aka ɗauka da waya.

Kafin a aika, a buga kwafi ɗaya a shagon buga takardu. A rufe ɓangaren hagu da wata takarda, a karanta kwanakin kowane sashe kaɗai daga ƙasa zuwa sama. Idan wani ya fi na samansa sabunta, jerin ya karye. Idan ayyuka biyu sun hau juna, a tabbatar akwai dalili a bayyane, kamar yadda SIWES da aikin shago suka faɗo cikin shekarun digiri. A misalinmu za a ga tazara daga Yunin 2016 zuwa Janairun 2018, lokacin da take neman gurbin jami'a. Wannan ba a cike ta da ƙage. A shirya amsarta ta gaskiya don ranar ganawa.

Wani malami ya tambaye ni ko wannan ya shafi mai neman aikin koyarwa a jami'a. Bai shafe shi ba. Jami'o'i sukan fitar da nasu tsarin a cikin sanarwar neman ma'aikata, su jera abin da suke so ɗaya bayan ɗaya, har da rubuce-rubucen da aka wallafa da tarukan da aka halarta, kuma wannan yakan wuce shafi guda. A can umarninsu za a bi harafi da harafi, amma gwada kwanaki da takardun shaida da tsayawa a kan salo guda suna nan daram.